Ghana da Koriya ta Kudu a Gaban Ra'i Biyu

Da wuya ɗalibin nazarin ci gaban ƙasashe ya kammala digiri bai gamu da wannan tambaya ba: ka kwatanta ra'in zamanantarwa da ra'in dogaro, ka kafa hujja da yankuna biyu da suka bambanta. Amsoshin da ake bayarwa kusan kamarsu ɗaya. Ɗalibi zai cika shafi biyu da bayanin ra'i na farko, ya cika wasu biyun da na biyu, sannan ya ɗauko Gabashin Asiya ya damƙa wa masu zamanantarwa tunda can an ci gaba, ya ɗauko Afirka ta Yamma ya damƙa wa masu ra'in dogaro tunda nan ba a ci ba. A ƙarshe ya ce kowane ra'i yana da gaskiyarsa. Babu ƙarya a cikin irin wannan maƙala, amma kuma babu kwatance, domin kowane ra'i an kai shi ne inda ba wanda zai musa masa.

Lokaci-lokaci kuwa akan sami wanda ya iya aikin, kuma karanta maƙalarsa akwai daɗi. Abin da yake yi kamar na alƙali ne wanda ba ya barin mai ƙara ya tsaya ga shaidun da ya kawo da kansa, sai ya sa shi ya amsa maganar shaidun abokin shari'arsa. Gwanin yakan kai ra'in dogaro Koriya, inda ba ya son zuwa, ya kai ra'in zamanantarwa Ghana, inda shi ma ba ya son zuwa, ya ga abin da zai rage na kowannensu.

Kafin ya kai su ko'ina, sai ya tilasta wa kowane ra'i ya faɗi abin da yake tsammanin zai faru. Wannan mataki ne yawancin ɗalibai ke tsallakewa, kuma shi ne ginshiƙin aikin. Ra'in zamanantarwa, kamar yadda Walt Rostow ya tsara shi a littafinsa na 1960, yana cewa hanya ɗaya ce duk ƙasashe ke bi, mai zango biyar, daga al'ummar gargajiya har zuwa zamanin wadatar kayan masarufi, kuma abin da ke hana ƙasa tafiya a cikin gidanta yake: ƙarancin jari, ƙarancin ilimi, tsofaffin al'adu da hukumomi. Gwani ba ya ɓata tawada wajen jera zangunan biyar. Yakan je kai tsaye ga zango na uku, wanda Rostow ya kwatanta da tashin jirgin sama, domin nan ne ya ajiye adadin da za a iya kama shi da shi. Ya ce ƙasa na tashi ne idan jarin da take zubawa ya ɗaga daga kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigarta, ko ƙasa da haka, ya haura kashi 10. Ga abin aunawa ke nan. Idan aka sami ƙasar da ta haura goman nan ta kasa tashi, to Rostow yana da tambayar amsawa.

Da ya zo ga ra'in dogaro, abin da ke nuna gwaninta shi ne ƙin ɗaukarsa a dunƙule. Mutanen da ake tarawa a ƙarƙashin wannan suna ba bakinsu ɗaya ba. Raúl Prebisch ɗan Ajantina da Hans Singer, a wajajen 1950, cewa suka yi farashin ɗanyen kaya yana raguwa a hankali idan aka gwada shi da na kayan masana'anta, don haka ƙasar da ta tsaya ga sayar da koko ko tagulla kullum sai ta ƙara yawan buhuna kafin ta sayi tarakta ɗaya. Andre Gunder Frank, a 1966, ya zarce nan da nisa. Shi a wurinsa talaucin ƙasashen gefe ba zangon farko ba ne na wata tafiya, ƙirƙirarsa aka yi ta hanyar hulɗa da ƙasashen cibiya, kuma ƙasar gefe ta fi samun bunƙasa a lokacin da igiyar da ta ɗaure ta da cibiya ta yi sako-sako, kamar yadda ya ce an gani a Latin Amurka lokacin yaƙe-yaƙen duniya da karayar tattalin arzikin 1930. Fernando Henrique Cardoso da Enzo Faletto kuwa, a 1969, sun yarda ana iya samun masana'antu da bunƙasa a cikin dogaro, sai dai irin bunƙasar ya danganta da su wa ke riƙe da gwamnati a gida da kuma yarjejeniyar da suka ƙulla da jarin waje. Bambancin nan ba ƙaƙale ba ne. Shaidar da za ta kayar da Frank tana iya barin Cardoso a tsaye, kuma maƙalar da ta haɗa su a buhu ɗaya ba za ta iya nuna haka ba.

To sai zaɓen yankuna. Ghana da Koriya ta Kudu sun shahara a wannan kwatance saboda dalili mai jan hankali. Masanin tattalin arziki Ha-Joon Chang, wanda shi kansa ɗan Koriya ne, ya kawo cewa a 1961 matsakaicin kuɗin shigar ɗan Koriya ta Kudu dala 82 ne a shekara, na ɗan Ghana kuwa dala 179. Samuel Huntington ya ɗauki irin wannan kamanni a shekarar 2000, ya ce ƙasashen sun tashi daga wuri guda, bayan shekara talatin kuɗin shigar Koriya ya ninka na Ghana wajen sau goma sha biyar, kuma ya jingina bambancin ga al'ada: wai Koriyawa suna girmama tanadi, aiki tuƙuru da ilimi. Ɗalibai suna son wannan labari domin ya zo a shirye.

Gwani kuwa yakan tsaya ya tambaya ko da gaske wuri guda suka tashi. Kuɗin shiga na shekara ɗaya hoto ne na lokaci guda, kuma hoton Koriya an ɗauke shi ne shekaru kaɗan bayan yaƙin 1950 zuwa 1953 da ya ragargaza ƙasar, na Ghana kuwa an ɗauke shi tana kan ganiyarta a matsayin ƙasar da ta fi kowace noman koko a duniya. Idan aka leƙa ƙarƙashin adadin sai a ga abubuwa daban. A 1960 wajen bakwai cikin goma na manyan Koriya ta Kudu sun iya karatu da rubutu, a Ghana kuwa bai kai uku cikin goma ba. Koriya ta riga ta raba filayen noma a ƙarƙashin dokar 1949 da gyaranta na 1950, wadda ta hana gida ɗaya mallakar fiye da kimanin hekta uku, abin da ya karya ƙarfin manyan masu gonaki a siyasa. Mulkin mallakar Japan daga 1910 zuwa 1945, duk da zaluncinsa, ya bar ma'aikatan gwamnati da tsarin haraji mai kaiwa har ƙauye, ya bar mutanen da suka taɓa aiki a masana'anta, ko da yake yawancin manyan masana'antun a Arewa suka faɗa bayan rabuwar Koriya. Birtaniya ba ta bar wa Ghana irin wannan ba. Abin da ta bari shi ne koko, zinariya, katako da layin dogo mai kai su bakin teku. Sakin layi ɗaya da ya fayyace wannan ya fi shafi biyar na tarihi, domin ya gaya wa mai karatu cewa marubucin ya san iyakar abin da kwatancensa zai iya ɗauka. Game da al'ada kuma, gwani yakan tuna wa mai karatu cewa koyarwar Confucius ɗin nan da ake yabo yanzu ita ce Max Weber da mabiyansa suka taɓa ɗora wa laifin koma-bayan Sin. Bayanin da ke aiki ko an ci gaba ko ba a ci ba, bai bayyana komai ba.

Yanzu a ga yadda yake tafiyar da Koriya. Da farko yakan ba Rostow haƙƙinsa ba tare da rowa ba. Ƙasa ce matalauciya mai dogaro da noma, ta shiga kasuwar duniya da ƙarfi, ta fara da sayar da hular gashi, tufafi da falankin katako, ta kai ga jiragen ruwa da motoci. Kayan da ta fitar sun kai dala miliyan 100 a 1964, suka kai dala biliyan 10 a 1977. Ta shiga ƙungiyar ƙasashe masu arziki a 1996, kuma tun 1987 mulkin soja ya ba da kai bori ya hau aka koma zaɓe, kamar yadda Seymour Martin Lipset ya yi hasashe a 1959 cewa arziki da ilimi sukan jawo dimokuraɗiyya. Ga Frank kuwa wannan babbar matsala ce. Koriya ta bunƙasa ne daidai lokacin da ta ƙara ɗaure kanta da Amurka da Japan, ita kuwa Koriya ta Arewa, wadda ta fi kusa da yanke hulɗa da kasuwar jari-hujja kuma ta gaji mafi yawan masana'antu, ta ƙare a yunwar shekarun 1990. Marubucin da zuciyarsa ke tare da ra'in dogaro, kamar yawancinmu da muka tashi da karanta Walter Rodney, dole ya rubuta wannan jimla ko da ba ya so.

Amma bai tsaya nan ba, kuma nan ne daɗin aikin yake. Sai ya juya ya tambayi Rostow: ta wace hanya aka yi tashin? Ra'in zamanantarwa yana sa ran jari da fasaha da ɗabi'u su kwararo daga Yamma, 'yan kasuwa su karɓa, gwamnati ta share hanya. Abin da ya faru daban ne. Janar Park Chung Hee ya yi juyin mulki a Mayun 1961, ya mayar da bankuna hannun gwamnati, ya kafa hukumar tsara tattalin arziki, aka fara shirin shekara biyar-biyar a 1962. Tunda bashi mai rahusa a hannun gwamnati yake, ita ke zaɓen wanda zai samu, kuma sharaɗin shi ne kamfani ya cika adadin kayan da aka yanka masa ya sayar a waje. Wanda ya cika ya ƙara samun bashi da kariya daga kayan ƙetare, wanda ya gaza a janye masa. Alice Amsden, a littafinta na 1989, ta nuna cewa asirin ba tallafin ba ne, domin ƙasashe da yawa sun ba da tallafi. Asirin shi ne ana karɓar aiki a madadinsa. Koriya kuma ta taƙaita shigowar kamfanonin waje su mallaki masana'antu, ta gwammace ta ciwo bashi ta sayi fasaha, mallakar ta zauna a hannun 'yan ƙasa. Kamfanin ƙarfe na Pohang, wanda aka kafa a 1968 ya fara aiki a 1973, Bankin Duniya ya ce lokacinsa bai yi ba, aka gina shi da wani kaso na kuɗin da Japan ta bayar bayan yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka ƙulla a 1965. A taƙaice, Koriya ta yi abin da Prebisch ya ce a yi, wato ta guje wa zama mai sayar da ɗanyen kaya, kuma ta yi hattara da jarin waje kamar wadda ta karanta gargaɗin masu ra'in dogaro.

Akwai kuma maganar daga ina jarin ya fito. A shekarun 1950 tanadin cikin gida na Koriya kaɗan ne ƙwarai, kuma tallafin Amurka ne ke biyan mafi yawan kayan da take shigowa da su. Amurka ta buɗe mata kasuwa, ta kau da kai daga kariyar da take ba masana'antunta, ta biya ta kuɗin sojojin da ta tura Biyetnam, duk saboda tana bakin iyaka da kwaminisanci. Mai ra'in dogaro zai ce wannan ya tabbatar da maganarsa: matsayinka a tsarin duniya shi ke yanke abin da za a bar ka ka yi. Gwani yakan karɓi wannan, sannan ya auna shi da wata ƙasa daga yankin. Filifin ma ƙawar Amurka ce, a lokacin tana da sansanonin sojanta, ta sami tallafi, mutanenta suna da ilimi, amma manyan masu gonaki sun ci gaba da riƙe siyasa, ba a yi rabon ƙasa na gaske ba, kuma ba ta bi sahun Koriya da Taiwan ba. Ashe goyon bayan Amurka ya buɗe ƙofa ne kawai, shiga kuwa ya danganta da abin da ke cikin gida. Dabarar nan ta ajiye ƙasa ta biyu a kowane yanki don gwaji ba ta cin wuri, layi huɗu ko biyar sun isa, amma tana kare maƙala daga ɗaukar ƙasa ɗaya a matsayin yanki gaba ɗaya.

A Ghana, shaidun ra'in dogaro a fili suke, kuma marubuci ya kamata ya kawo mafi ƙarfinsu. A wancan lokaci ƙasa ce da koko ke kawo mata fiye da rabin kuɗin waje. Kwame Nkrumah ya gina shirye-shiryensa bisa tsammanin farashi mai kyau, sai farashin ya yi ta gangara har a 1965 ya faɗi ƙasa da rabin abin da yake a 1958, a daidai kakar da manoman Ghana suka girbe fiye da tan dubu 500, girbin da ba su taɓa yin irinsa ba. Sun ƙara aiki, kuɗin bai ƙaru ba. Ajiyar kusan fam miliyan 200 da aka samu 'yanci da ita a 1957 ta ƙare, bashi ya taru, sojoji suka kifar da gwamnati a Fabrairun 1966. Madatsar ruwa ta Akosombo ma misali ce da ba ta buƙatar ƙarin gishiri. Burin Nkrumah shi ne a haƙo ma'adinin alminiyam na Ghana, a sarrafa shi da wutar Ghana. Abin da aka samu shi ne masana'antar Valco a Tema, mallakar kamfanonin Amurka ƙarƙashin jagorancin kamfanin Kaiser, tana shan babban kaso na wutar a farashi mai arha ƙwarai, tana narka garin alminiyam da ta shigo da shi daga waje, ma'adinin Ghana kuwa ana fitar da shi ɗanye.

Mai matsakaicin iyawa a nan zai rufe babin Ghana. Gwani sai ya ɗauko adadin nan na Rostow da ya ajiye tun farko. A farkon shekarun 1960 Ghana tana zuba wajen kashi ɗaya cikin biyar na abin da take samarwa a matsayin jari, a tituna, tashar jiragen ruwa ta Tema, makarantu da masana'antun gwamnati. Mai hattara zai lura cewa adadin Rostow na bayan cire lalacewar kayan aiki ne, na Ghana kuwa kafin cirewa, ya faɗi haka a fili. Amma ko an cire, ƙasar ba ta gaza ma'aunin ba. Arthur Lewis kansa, wanda ya fi kowa bayyana muhimmancin tanadi da jari a maƙalarsa ta 1954, shi ne mai ba Nkrumah shawara kan tattalin arziki bayan samun 'yanci, kafin su ɓata. Duk da haka jirgin bai tashi ba, kuɗin shigar kowane mutum kusan bai motsa ba. Mai kare Rostow zai ce ai ya gindaya wasu sharuɗɗa biyu, a sami sashen masana'anta mai jan ragama da kuma tsarin siyasa da ya dace. Amsar ita ce idan ba a iya gane cewa tsarin siyasa ya dace sai bayan an ga ƙasa ta tashi, to sharaɗin ba ya hasashen komai. Irin wannan suka ce Simon Kuznets ya yi wa zangunan Rostow tun farkon fitowarsu, cewa ba su da alamomin da za a iya aunawa a rarrabe wani daga wani.

Sannan sai ya juya ga ra'in dogaro da tambayar da ta fi kowace kaifi a maƙalar: me ya faru a Ghana lokacin da kasuwar duniya ta yi kyau? Idan farashin waje ne ciwon, to tashinsa ya kamata ya kawo sauƙi. A tsakiyar shekarun 1970 farashin koko ya yi tashin da ba a taɓa gani ba, ya kai ƙololuwa a 1977. A daidai lokacin nan noman koko a Ghana raguwa yake yi, har zuwa farkon shekarun 1980 ya koma ƙasa da rabin girbin 1965. Dalilin a Accra yake. Hukumar sayen koko, wadda Turawa suka kafa a 1947, ita kaɗai ke da ikon saye a lokacin, kuma tana biyan manomi ɗan ƙaramin kaso na abin da take samu a waje. Gwamnatin Acheampong ta riƙe darajar sidi a sama da ƙarfi alhali hauhawar farashi ta haura kashi ɗari a 1977, don haka abin da ke shiga aljihun manomi ya zama ba ya sayen komai. Manoma suka daina dasa sababbin itatuwa, wasu suka riƙa tsallakar da buhuna zuwa Togo da Kwaddibuwa. Robert Bates ya bayyana siyasar wannan a 1981: gwamnatoci suna tatsar manomi, wanda yake warwatse ba shi da murya, don su ciyar da birane da ma'aikata waɗanda ke iya tayar da tarzoma. Wanda ya san tarihin hukumar sayen gyaɗa a Arewacin Najeriya ba ya buƙatar dogon bayani a nan.

Ko faɗuwar farashin 1965 ɗin ma, mai kaifin ido zai lura ba gaba ɗaya daga waje ta zo ba. Ghana ce ke noma wajen kashi ɗaya cikin uku na kokon duniya a lokacin, don haka girbinta mai yawa yana cikin abin da ya karya farashin. Wannan bai wanke tsarin ciniki ba, hasali ma ya nuna tarkon da Prebisch ke magana a kai, cewa mai sayar da abin da buƙatarsa ba ta ƙaruwa da sauri yana cutar da kansa idan ya ƙara ƙwazo. Amma ya nuna cewa layin da ake ja tsakanin dalilin ciki da dalilin waje ba a miƙe yake ba.

Ƙasar gwaji a wannan yanki ita ce Kwaddibuwa, kuma tana yanka ta ɓangare biyu. Shugabanta na lokacin, Houphouët-Boigny, ya rungumi Faransa da jarin waje hannu bibbiyu, ya fi biyan manoma, ƙasarsa ta yi bunƙasar wajen kashi 7 cikin ɗari a shekara har kusan shekara ashirin, ta ƙwace wa Ghana kambin koko a ƙarshen shekarun 1970. Maƙalar da aka tsayar da shaidarta a 1978 za ta ce zamanantarwa ta yi nasara. Amma Samir Amin tun a 1967 ya rubuta cewa abin da ke faruwa a can ƙaruwa ce ba tare da canjin ginin tattalin arziki ba, kuma da farashin koko da kofi suka faɗi bayan 1978 ƙasar ta shiga dogon koma-baya, har a 1987 ta sanar ba za ta iya ci gaba da biyan bashi ba. Shi ya sa gwani yake faɗin shekarun da kwatancensa ya ƙunsa tun a shafin farko, ya kuma ba da dalilin zaɓensu. Shekarar da aka rufe lissafi tana iya canza wanda ya yi nasara.

Duk wannan ba zai fito ba idan aka tsara maƙalar ƙasa bayan ƙasa. Tsarin da ke aiki shi ne tambaya bayan tambaya: daga ina jari ya fito, me ake sayarwa a waje, wa ke mallakar masana'antu, me gwamnati ta yi da manomi. A ƙarƙashin kowace tambaya ƙasashen biyu da ra'ayoyin biyu suna haɗuwa a sakin layi guda. Ga irin yadda yake fitowa a hannun wanda ya iya: Ghana da Koriya duk sun kafa masana'antu a bayan katangar haraji a shekarun 1960, don haka kariya kaɗai ba za ta bayyana bambancinsu ba. Masana'antun Ghana an gina su ne don kasuwar gida mai mutane kimanin miliyan bakwai, suna cin kuɗin waje wajen sayen kayan aiki ba sa mayar da ko kwabo, kuma ba wanda ke rufe su in sun yi asara. Na Koriya dole ne su sayar a waje, kuma adadin abin da suka sayar ya zame wa gwamnati ma'aunin da ba a iya yi wa coge. Prebisch ya yi daidai cewa dole a bar ɗanyen kaya, amma hanyar da aka fi dangantawa da mabiyansa, ta maye gurbin kayan ƙetare kawai, ta mayar da Ghana ta ƙara dogaro da kokon da take gudu, domin shi ne ke biyan kuɗin injunan. A jimla huɗu an kawar da wani bayani, an kawo shaida daga yankunan biyu, an raba abin da ya tsira na ra'i da abin da ya faɗi.

Hukuncin da irin wannan maƙala ke kaiwa gare shi ba rabin-da-rabi ba ne, yana da sunaye. Maganar Frank cewa hulɗa da cibiya tana hana bunƙasa ba ta tsira daga Koriya da Taiwan ba. Maganar Rostow cewa jari da zangunan da kowa ke bi sun isa ba ta tsira daga Ghana ba, kuma ba ta bayyana hanyar da Koriya ta bi ba. Gargaɗin Prebisch kan ɗanyen kaya ya sami goyon baya daga yankunan biyu, ɗaya ta hanyar faɗawa tarkon, ɗaya ta hanyar kauce masa. Cardoso da Faletto ne suka fi fita da ƙarfinsu, domin tambayarsu, wato su wa ke riƙe da gwamnati kuma wace yarjejeniya suka ƙulla da waje, ita ce ta raba Pohang da Valco. Sai dai marubucin kirki zai ƙara da cewa wannan nasara tana da tsada: ra'in da ya yarda komai ya danganta da yanayin kowace ƙasa ya fi wuyar kayarwa, kuma ya fi ƙarancin hasashe. Zai kuma faɗi abin da waɗannan ƙasashe kaɗan ba za su iya nunawa ba. Ilimi, rabon ƙasa, tallafin Amurka da gwamnati mai horo duk sun zo wa Koriya a lokaci guda, kuma kwatancen nan bai isa ya ware wanne ne ya fi nauyi ba. Don yin haka sai an nemo ƙasar da ta sami uku ta rasa ɗaya, wanda kuma aikin wata maƙala ne mai yankuna daban.